Tukunyata ta alminiyum ta fito kamar roba: muhawara kan Metallic da Roughness

Sadiq Dorayi: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina haɗa teburin mai shayi a Blender, manhajar ƙera hotunan 3D, komai ya tafi daidai sai tukunyar. Irin tukunyar nan ce ta alminiyum da maƙera ke zubawa a cikin yashi, mai baƙin hayaƙi a gindi. A renda sai ta fito kamar robar ajiye abinci mai ruwan toka, ba nauyi ba sheƙin ƙarfe. Abin da na sa a Principled BSDF shi ne Metallic 0.6, Roughness 0.2, Base Color kuma toka-toka mai ɗan duhu, wajen 0.3. Me ya kamata in ƙara, me ya kamata in rage?

Nura: Wa alaikumus salam. Ƙara Metallic ɗin ya kai 0.8 ko 0.9, shi ne ke kawo sheƙi. Ni haka nake yi: abu mai ƙyalli sosai in ɗaga shi, mai ɗan ƙyalli in bar shi a tsakiya.

Abba Gwammaja: Wace irin kwamfuta kake amfani da ita? Idan ba ta da katin hoto mai ƙarfi ƙarfe ba zai taɓa fitowa da kyau ba. Ka ƙara Samples zuwa 500 ka gani.

Sadiq Dorayi: Hoton ba ya da ɗigo-ɗigo Abba, fes yake fitowa. Tukunyar ce dai ba ta yi kama da ƙarfe ba.

Malam Habibu: Wa alaikumus salam Sadiq. Abba, wannan ba daga kwamfuta ba ne, ko a wace na'ura aka sa waɗannan lambobin abin da zai fito ke nan.

Nura ya yi gaskiya cewa a ɗaga Metallic, amma dalilin da ya bayar shi ne zai sake jefa ku cikin matsala a wani aikin. Metallic ba ma'aunin sheƙi ba ne. Tambaya ce guda yake yi maka: abin da haske ya fara taɓawa a wannan wurin, tsuran ƙarfe ne ko ba ƙarfe ba? In ƙarfe ne 1, in ba shi ba ne 0.

Dalilin shi ne haske iri biyu yake dawowa daga abu. Idan ya faɗa kan itace ko roba ko yumɓu, ɗan kaɗan yana tsalle daga saman fatar ya dawo ba tare da ya ɗauki launin abin ba, shi ne wannan farin ƙyallin da kake gani a kan jan bokiti. Yawansa wajen kashi 4 cikin ɗari ne idan kana kallon abin kai tsaye. Sauran yana kutsawa ciki, ya warwatsu, wani ya mutu a can, wani ya fito da launi. Ƙarfe ba ya haka. Hasken da ya shiga cikinsa ba ya fitowa, duk abin da ido ke gani daga samansa ya dawo, kuma mai yawa ne: alminiyum wajen kashi 91, baƙin ƙarfe tsura wajen kashi 56. Launin zinariya da na jan ƙarfe ma a cikin wannan ƙyallin yake.

Shi ya sa idan ka sa Metallic a 1, aikin Base Color yana canzawa. Ya daina zama launin jiki, ya koma yawan hasken da ƙarfen ke mayarwa da kuma launinsa.

Nura: To Malam, in haka ne me ya sa suka yi shi abin ja daga 0 zuwa 1? Ai da sai su sa akwatin da za a danna kawai, e ko a'a.

Malam Habibu: Zan zo kan wannan, tambaya ce mai kyau. Bari mu fara lissafa abin da Sadiq ya sa tukuna. A tsarin da injin wasanni na Unreal da tsarin fayil na glTF ke bi, a sauƙaƙe haka ne:

```
F0      = mix(0.04, BaseColor, Metallic)
diffuse = BaseColor * (1 - Metallic)
```

Layin farko shi ne ƙarfin ƙyallin sama, na biyu launin jiki. Da Metallic 0.6 da Base Color 0.3, ƙyallin ya zama wajen 0.20, launin jiki 0.12. Ka ga ƙyallin ya ninka na roba sau biyar, amma bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na alminiyum ba, ga kuma launin jiki mai toka-toka wanda ƙarfe ba shi da shi kwata-kwata. Wannan launin jikin ne idonka ke karantawa a matsayin roba. Blender yana nasa haɗin ta wata hanya daban kaɗan, amma sakamakon kusan ɗaya ne.

Sadiq, gwada wannan: Metallic 1, Base Color kusan fari, wajen 0.91 a duk ukun R, G da B. Roughness ka kai shi 0.5 tukuna.

Sadiq Dorayi: Malam kusan fari fa? Tukunyar da nake kwaikwaya ai tana da duhu a ido.

Malam Habibu: Duhun nan abubuwa biyu ne: ɗakin da take ciki take nuna maka, sai kuma dattin da ke kanta. Dattin za mu ɗora shi daban. Ƙarfen da ke ƙasa mai haske ne. Ka kankare gefen irin tukunyar da wuƙa ka ga abin da zai fito.

Sadiq Dorayi: Na sa. A Material Preview ta yi kyau ƙwarai, ta zama ƙarfe sosai. Amma da na koma Rendered sai ta yi baƙi ƙirin, in ban da wani ɗan farin tabo inda fitila ta haska. Ta fi na ɗazu muni ma.

Nura: Ka gani ko? Shi ya sa nake barin shi a 0.8. Da 1 abu baƙi yake yi.

Maryam Z.: Ba laifin 1 ba ne Nura. Sadiq, duba World ɗinka, na tabbata launin toka mai duhun nan ne da Blender ke zuwa da shi. Material Preview yana da nasa HDRI a ɓoye, wato hoton kewayen wuri mai ba da haske, shi tukunyar ke nunawa. A Rendered kuwa ba abin da ke kewaye da ita sai duhu da fitila guda, to duhun take nuna maka. Sauko da HDRI ɗaya daga Poly Haven, kyauta ne, ka sa ta `Environment Texture` a World. In wurin mai shayi ne da dare, ka tabbata akwai bango da ƙasa da ƙwan fitila a wurin, ko da kyamara ba ta ganinsu, saboda tukunyar tana ganinsu.

Abin da 0.8 ɗinka ke yi Nura, yana bar maka ɗan launin jiki ne da fitila za ta haska, sai ya rufe matsalar hasken. Ranar da ka kai abin wani wuri mai haske daidai, za ka ga kamar an shafa masa alli.

Sadiq Dorayi: Anti Maryam haka ne, World ɗin ba komai a ciki. Na sa HDRI na wani titi da yamma, yanzu ta dawo ƙarfe. Na gode. Saura baƙin gindin. Na yi tunanin in rage Base Color a wurin ya koma baƙi, shi ke nan ko?

Malam Habibu: A'a, in ka bar Metallic a 1 ka baƙanta launin, abin da ka ƙera shi ne ƙarfen da ba ya mayar da haske, sai wurin ya fito kamar rami a cikin hoton. Baƙin tukunya ba ƙarfe ba ne, ragowar hayaƙi ne da ya kwanta a kan ƙarfe. Haske shi yake fara taɓawa. Don haka a wurin Metallic 0, Base Color mai duhu amma kada ya kai baƙi tsantsa, wajen 0.03, Roughness sama, kamar 0.9. Gawayi kansa yana mayar da wajen kashi 2 cikin ɗari, ba abin da ke kan teburin mai shayi da ya kai sifili.

Haka tsatsa, haka fenti, haka ƙura da busasshen miya a bakin tukunya. Duk 0 ne. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani a ayyukan da ake turowa nan gidan: mutum ya ƙera ƙofar get mai koren fenti, ya ce ai ƙarfe ce, ya sa Metallic 1. Ƙarfe ce a hannun mai walda, amma ido fenti yake gani. Sai inda fentin ya ɓare har farin ƙarfe ya bayyana ne za a sa 1, kuma in wurin ya yi tsatsa ya sake komawa 0.

Hassan Maradi: Malam wannan ya shafe ni. Ina yin babur mai ƙafa uku don wani ɗan fim, jikin rawaya. Na sa Metallic 1 sai ya koma kamar zinariya, na yi ta canza rawayar ban gane ba. Ashe dalilin ke nan?

Malam Habibu: Shi ne Hassan. Rawaya da Metallic 1 ai ita ce hanyar yin zinariya, lambobinta ma kusan 1.0, 0.77, 0.34 ne. Mayar da shi 0, Roughness wajen 0.35 in fentin ya ɗan sha rana. In sabo fil kake so, ƙara Coat. Salansa da sandunan da ba fenti su ne za su zauna a 1.

Abba Gwammaja: Gilashi fa da madubi? Su ai suna ƙyalli fiye da tukunya.

Maryam Z.: Gilashi 0 ne, ba ƙarfe ba ne, Transmission ake ɗagawa. Madubi kuwa 1 ake sawa da Roughness 0, don abin da ke nuna fuskarka siririn ƙarfe ne, azurfa ko alminiyum, da aka shafa a bayan gilashin.

Sadiq Dorayi: To na zana hoton rabawa baƙi da fari a Texture Paint, fari inda ƙarfe yake, baƙi inda hayaƙi yake, na haɗa shi da Metallic. Sannan na zana wani hoton na Roughness, jikin tukunyar na ba shi wajen 0.55 saboda ƙurajen yashin zubi, bakin da ake gogewa da soson ƙarfe 0.3. Na adana su, na sake buɗe su da `Image Texture`. Yanzu kuma tukunyar ta fito kamar an tsamo ta daga ruwa, tana ta walƙiya. Da ina sa 0.55 da hannu ba haka take ba.

Nura: Wannan kam na sani. Duba Color Space a kan `Image Texture` ɗin, ka mayar da shi Non-Color.

Malam Habibu: Nura ya faɗi daidai. Bari in ƙara dalilin don ka riƙa gane alamar da kanka. Hoton launi ana adana shi ne da wani lanƙwaso da ake kira sRGB, Blender kuma yana warware lanƙwason kafin ya yi lissafi. Hoton Roughness ba launi ba ne, lambobi ne kawai aka zuba a cikin hoto. In ka bar shi a sRGB, Blender zai warware abin da ba a lanƙwasa ba. Baƙi da fari ba sa motsi, amma na tsakiya duk ƙasa suke yi: 0.5 ya koma wajen 0.21, naka 0.55 ya koma wajen 0.26, bakin tukunyar mai 0.3 ya koma wajen 0.07, kusan madubi.

Abin da ke ƙara munin shi ne injin ba ya amfani da Roughness yadda ka rubuta, ninka shi yake da kansa. 0.55 a ciki 0.30 ne, 0.26 kuwa 0.07 ne. Ka ga ba rabi ka rasa ba, ya fi kashi uku cikin huɗu. Alamar a ido ita ce komai ya yi kamar jiƙaƙƙe. Duk sanda kuka sauko da kaya daga intanet kuka ga itace ko bulo yana sheƙi kamar an yi ruwan sama, ku fara duba nan kafin ku taɓa komai. Hoton Metallic da na Normal ma Non-Color ne. A cikin waɗannan, Base Color kaɗai ke zama a sRGB. A Unreal kuma cire alamar da ke kan akwatin sRGB ake yi.

Sadiq Dorayi: Na canza, ta koma yadda nake so. Amma Malam ina da tambaya kan Roughness ɗin kansa. Na lura in na ɗaga shi ƙyallin fitila yana dushewa. Wato yana rage hasken da ƙarfen ke mayarwa ke nan?

Malam Habibu: Ba ragewa yake ba, bazawa yake. Ka kalli rana a cikin ruwan baho da ya kwanta: ƙaramar da'ira ce mai kashe ido. Ka kaɗa ruwan, sai ta watsu ko'ina, ba inda ya kai na farko haske, amma ranar ɗaya ce. Fatar abu cike take da ƙananan tudu da kwari da ido ba ya gani, kowanne yana jefa haske nasa gefen. Roughness yana faɗin yadda suka karkace ne. In ƙasa yake, ƙyallin ƙarami ne mai kaifi, kana ganin hoton ɗakin a jikin abin. In sama yake, ƙyallin faffaɗa ne mai laushi.

Daga nan za ka samu hanyar auna shi da ido. Kada ka tambayi kanka ko abin yana sheƙi. Ɗauki tukunyar gaske ka riƙe ta kusa da taga ko ƙwan fitila, ka duba gefen hasken a jikinta. In kana iya ganin siffar tagar da kusurwoyinta, kana ƙasa da 0.2. In haske ne mai siffa amma gefensa ya narke, kana wajen 0.3 zuwa 0.4. In wani fari-fari ne kawai da ya mamaye gefe guda, ka wuce 0.5. Waɗannan kiyasina ne na aiki, ba doka ba, amma suna kai ni kusa.

Kuma tazarar da ke tsakanin 0.1 da 0.3 a ido ta fi wadda ke tsakanin 0.7 da 0.9 nesa ba kusa ba. A ƙasa ka riƙa motsa shi kaɗan-kaɗan.

Maryam Z.: Ƙari a kan na Malam: kada ka bar shi lamba ɗaya a duk jikin. Ni a wurina labarin tukunya a hoton Roughness yake. Inda hannu ke kamawa ya yi sulɓi, inda mai ya zuba ya bushe yana ɗan sheƙi a kan baƙin hayaƙin, cikin kunnuwa inda soso ba ya kaiwa ya yi kaushi. Hoton Metallic kusan baƙi da fari ne kawai, ba wani zane a cikinsa, amma na Roughness in ka zauna a kansa awa guda ba ka yi asara ba. Sai dai ƙurajen yashin da ido ke gani ɗaya-ɗaya, waɗannan aikin Bump ko Normal ne. Roughness na abin da ya fi fiksel ƙanƙanta ne.

Bashir Kumasi: Sannunku. Ni matsalata a injin wasanni na Unity take. Na kai wani kwanon sha mai fenti daga Substance Painter, inda ya kamata ya yi sheƙi ya dushe, inda ya ɓare ya yi tsatsa kuma yana walƙiya. Non-Color ɗin ne shi ma?

Maryam Z.: A'a Bashir, naka juyewa ya yi. Unity ba Roughness yake karɓa ba, Smoothness ne, wato kishiyarsa:

```
Smoothness = 1 - Roughness
```

A Standard da URP Lit yana neman Metallic a ɓangaren R na hoton, Smoothness a ɓangaren A na wannan hoton. In ka zuba Roughness kai tsaye a can, fari da yake nufin kaushi ya koma nufin sulɓi. Wajen fitarwa daga Substance ka zaɓi tsarin Unity da ke cikin jerin, zai juya maka da kansa. Yadda ake gane wannan da na Sadiq: nasa komai ya ƙara sheƙi baki ɗaya, naka wuraren ne suka yi musaya. glTF kuma nasa daban, Roughness a G, Metallic a B. Kowane inji da inda yake ajiye kayansa, sai an duba.

Kuma kwanon nan naka, farar fatarsa ai gilashi ce aka narka a kan ƙarfe, don haka Metallic 0 da Roughness ƙasa. Kusan duk kwanon 0 ne.

Bashir Kumasi: Na gode Hajiya, zan sake fitarwa.

Sadiq Dorayi: Wani abu kuma ya ɓullo. In na matso da kyamara, a iyakar da baƙin hayaƙi ya haɗu da ƙarfe akwai wani siririn layi fari-fari kamar an zana da alli. Ban zana shi ba.

Malam Habibu: Wannan sanannen aibi ne na tsarin Metallic, kuma lissafin ɗazu zai nuna maka inda ya fito. A gefe ɗaya Base Color 0.91 da Metallic 1, launin jiki sifili. A ɗaya gefen 0.03 da Metallic 0, launin jiki 0.03. Fiksel ɗin da ke tsakiya injin yana gauraya masa biyun: Base Color 0.47, Metallic 0.5. Ninka su ka ga launin jiki ya zama wajen 0.24, ya ninka na hayaƙin kusan sau takwas, alhali ba gefen da ke da irin wannan. Shi ne layin allin.

Magani uku nake sani. Ka ƙara girman hoton ko ka ba wa tukunyar fili mai yawa a UV, layin zai sirance har ya ɓace. Ko ka bar duhun Base Color ya ɗan ƙetara cikin ɓangaren ƙarfe kafin Metallic ya fara hawa. Ko kuma, tunda a Blender za ka yi renda, ka yi Principled BSDF biyu, ɗaya ƙarfe ɗaya hayaƙi, ka haɗa su da `Mix Shader`, hotonka na baƙi da fari ya zama shi ke raba su. A nan sakamakon biyun ake gaurayawa, ba lambobinsu ba, don haka layin ba ya fitowa. Illarsa ita ce ba zai bi ka zuwa glTF ko Unity a haka ba.

Nura: To Malam mun dawo kan tambayata. Hayaƙin tukunya ai ba da wuƙa aka yanka shi ba. Daga gindi baƙi ƙirin, yana hawa yana sirancewa, har ya zama wani ruwan ƙasa-ƙasa da kana ganin ƙarfen ta cikinsa. Wannan wurin 0 ne ko 1? Ai dole 0.5 ya shigo.

Malam Habibu: A nan kam kana da gaskiya, kuma dalilin da ya sa aka bar shi abin ja ke nan. Tsarin ya samo asali ne daga wanda Brent Burley na Disney ya gabatar a 2012, kuma da gangan aka yi shi yadda za a iya gauraya abu biyu a wuri ɗaya. Idan fiksel guda rabinsa ƙarfe ne rabinsa ƙura, 0.5 gaskiya ce. Abin da nake hanawa shi ne a ɗauki abu sukutum a ba shi 0.6 don ana son ya ɗan yi ƙyalli. Lambar tsakiya wurinta iyaka ne da siririn datti.

Maryam Z.: Ni Malam a nan na ɗan saɓa da kai. A aikin wasanni muna sa 0.8 ko 0.85 a kan ƙarfe gabaɗaya in ya tsufa, musamman alminiyum da ya yi wannan farin dusashewar. Fatar da ke samansa ai ba ƙarfe ba ce kuma, kuma ta rufe ko'ina. In na bar shi a 1 na ɗaga Roughness kawai, sabo yake fitowa, kamar yau aka zuba shi.

Malam Habibu: Na san ana yi, kuma ban ce ba ya fitowa da kyau ba. Ni na fi son in bar ƙarfen a 1, in sauke Base Color kaɗan zuwa wajen 0.7, in ɗaga Roughness, sannan dusashewar in zana ta tabo-tabo a matsayin datti mai 0. Ta fi jure canjin haske. Naki a rana tsaka yakan yi fari fiye da kima.

Maryam Z.: A hoto mai girman 512 na wasan waya ba filin zana tabo-tabo Malam. Fiksel ɗaya ya rufe faɗin yatsa biyu na tukunyar. Da hujjarka ta ɗazu ma, gaurayen ne daidai.

Malam Habibu: A 512 na yarda. A aikin Sadiq da kyamara ke kusa, ina nan kan bakana.

Nura: Ni dai na ga kowa ya dawo kusa da 0.8 ɗina.

Maryam Z.: Ba ɗaya ba ne Nura. Kai don sheƙi kake sawa, har a kan roba. Ni a kan tsohon ƙarfe kawai.

Hassan Maradi: Kafin a watse, shadda fa? Mai shayin nawa zai sa shadda mai maiƙo, ina ta tunanin in ba ta Metallic 0.3 don wannan ƙyallin.

Malam Habibu: Auduga ce, 0. Ƙyallinta daga bugu da matsi yake, wato Roughness ne ya sauka. Zanen da ke jikinta kuma bambancin saƙa ne, wani wuri zaren ya kwanta ta nan wani ta can, don haka ka zana furannin a hoton Roughness, kamar 0.35 a kan 0.55, launin ya zauna kusan ɗaya. Gaskiya ban taɓa samun shadda ta fito mini ɗari bisa ɗari da wannan kaɗai ba, domin ƙyallinta yana bin tsawon zare, sai an taɓa Anisotropic. In wani a gidan nan ya gwada ya nuna mana.

Sadiq Dorayi: Na bi ta `Mix Shader`, layin allin ya tafi. Wurin da hayaƙin ke sirancewa na bar shi toka-toka a hoton rabawa, ya yi kama da na gaske. Jikin tukunyar na gwada na Malam da na Anti Maryam duka biyun: da fitilar dare ban ga bambanci sosai ba, da HDRI na rana na Anti ya fi fari, amma ya fi kama da tsohuwar tukunyar da ke gidanmu. Zan turo hotunan biyu gefe da gefe bayan isha'i ku zaɓa. Butar shayin kuma mai sheƙin madubi ce, ita Roughness nawa zan fara da shi?

Maryam Z.: Fara da 0.12, ka zana sawun yatsu da tabon ruwa su kai 0.3. Turo mu gani.